Yadda Ake Rubuta Umarnin Hoton Fuskar Shago a Hasken La'asar Sakaliya Domin Ƙasidar Talla

Mai gina shaguna domin sayarwa ko bayar da haya yakan buƙaci ƙasidar talla tun ginin bai wuce linta ba, kuma hoton da zai hau bangon ƙasidar shi ne abin da mai saye zai fara gani kafin ya karanta farashi. Yawancin masu neman wannan aiki suna son a nuna shagon a lokacin da rana ta yi ja, wato la'asar sakaliya, domin a wannan lokaci ne fenti yake ɗaukar launin zinare, inuwa ta miƙe, gini ya fito da siffarsa. A manhajojin ƙirƙirar hoto ana kiran wannan lokaci `golden hour`, amma wanda ya rubuta waɗannan kalmomi biyu kaɗai ya tsaya, abin da zai samu shi ne hoton wani titi na Turai da rana a rataye a bayan gini. Zan bi aikin daki-daki da misalin wani jerin shaguna shida da na yi wa hoto a Tumfure, a gefen titin Bauchi da ke Gombe.

Matakin farko a fili ake yinsa, tun kafin a kunna kwamfuta. Ana zuwa wurin ginin a gano inda fuskar shagon take kallo, kuma kamfas ɗin da ke cikin waya ya isa wannan aiki. Titin Bauchi ya miƙe ne daga gabas zuwa yamma, saboda haka shagunan da ke bakinsa ko dai suna kallon kudu ko suna kallon arewa, kuma wannan bambanci shi ne yake yanke watan da za a nuna a hoton. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba rana tana faɗuwa ne arewa da yamma, daga nan kuma har Maris ya zagayo tana faɗuwa kudu da yamma. Ma'anar wannan ita ce shagon da yake kallon kudu ba ya samun hasken yamma a fuskarsa sai da kaka da hunturu, wanda yake kallon arewa kuwa sai da bazara da damina. Shagunan Tumfure ɗin suna kallon kudu, don haka na zaɓi ƙarshen Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke, itatuwa suna da ganye, hazo kuma bai riga ya sauka sosai ba. Ban zaɓi Disamba ba, ko da yake rana ta fi karkata kudu a lokacin, domin duk ɗan Gombe ya san yammacin hunturu: rana takan zama farin faifai a cikin ƙura, inuwa ta dushe, sama ta yi toka-toka. Hoton da aka ce na hunturu ne amma aka ba shi sama shuɗiya tas, mai saye na gida zai ji a jikinsa cewa ba garinsa ba ne.

Akwai wani abu game da wannan lokaci da ya kamata mai aikin ya riƙe. Gombe tana kusan daraja 10 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana tana gangarowa kusan a miƙe, wajen daraja 15 a kowace awa. A ƙarshen Oktoba takan faɗi kafin ƙarfe shida ta cika, kuma tana daraja 10 bisa ƙasa ne da misalin ƙarfe biyar da minti goma. A wannan tsayi, inuwar kowane abu takan ninka tsawonsa fiye da sau biyar da rabi, wato falwaya mai mita uku za ta shimfiɗa inuwa ta mita 17. Ina ba da shawara a tsaya a filin a daidai wannan lokaci a ɗauki hotuna uku ko huɗu da waya: launin ƙasa, launin sama ta gabas, da yadda inuwar ginin maƙwabci take kwanciya. Idan akwai bene a yammacin filin, mai yiwuwa inuwarsa ta rufe shago biyu na farko tun kafin rana ta yi ja, kuma gara a san haka tun da wuri.

Mataki na biyu shi ne karɓar zane daga wurin mai zanen ginin, a fitar da siffar fuskar shagon cikin kalmomi ƙidayayyu. A nan ne mutane suka fi ɓata umarni, wato rubutun da ake ba manhaja ta zana hoto daga gare shi, domin sukan cika shi da yabo irin su kyakkyawa, na zamani, na alfarma, alhali manhaja ba ta da abin da za ta zana daga yabo sai abin da ta fi yawan gani, wato dogayen gine-ginen gilashi. Abin da ake rubutawa shi ne abin da birkila da mai walda za su gane: hawa nawa ne, ƙofa nawa, da me aka yi bango, wane launi ne, rumfa ta fito da tsawon nawa. A misalinmu, hawa ɗaya ne, kowane shago faɗinsa mita huɗu, akwai ginshiƙai tsakanin shago da shago da suka fito daga bango da santimita 40, rumfar kankare ta fito da mita ɗaya da rabi, ƙofofin gilashi ne cikin firam na baƙin alminiyum, bango kuma filasta ce mai fenti ruwan madara. A gaba akwai dakali mai matakala biyu, sai filin ajiye mota na intalok, sai magudanar ruwa da aka rufe da silab. Da yake manhajojin sun fi fahimtar Turanci, da shi ake rubuta umarnin, kuma sashen ginin ya tsaya kamar haka:

```
single-storey row of shops, cream painted plaster, projecting piers,
flat concrete canopy, black aluminium glass doors, blank sign panels,
two-step plinth, interlocking pavers, covered roadside drain
```

A lura cewa allunan suna an nemi a bar su babu rubutu. Manhajoji da dama har yanzu sukan hargitsa haruffa, kuma ko da sun rubuta daidai, sukan ƙirƙiro sunan wani kanti da ba shi da alaƙa da mai ginin. Sunan filaza da tambarinta daga baya ake ɗora su da hannu a manhajar gyaran hoto.

Mataki na uku shi ne zaɓen inda mai kallo zai tsaya, kuma wannan ne ya fi komai tasiri a kan haske. Bangon ƙasida a tsaye yake, jerin shaguna shida kuma mita 24 ne a kwance, don haka duk wanda ya matsa sai ya cusa su duka a bango ɗaya, ginin zai koma siririn layi a tsakiyar takarda. Na zaɓi shagon kusurwa ta yamma da biyu da suke biye da shi, sauran suka shige cikin nisa. Kyamara ta tsaya a kudu maso yamma tana duban arewa maso gabas, a tsayin idon mutum, wajen mita 1.6. Daga nan rana tana bayan mai kallo ta hagu: bangon yamma yana shan haske gaba ɗaya, fuskar shaguna kuma hasken yana shafarta ne ta gefe, inuwoyi suna tafiya dama suna nisa, saman da ke bayan ginin kuwa ta gabas ce, shuɗiya mai duhu kaɗan, wadda farin rubutun take zai zauna a kanta sarai. Da an tsaya a kudu maso gabas ana duban yamma, da sama ta fi ja da ban sha'awa, amma ginin da ake tallatawa zai faɗa cikin duhu, kuma ai gini ake sayarwa.

Dole kuma a nemi layukan tsaye su tsaya cak. Idan aka ɗaga kyamara sama domin a samu sarari, ginshiƙai sukan haɗe ta sama kamar ginin zai kwanta da baya, abin da masu ɗaukar hoton gini suke kauce masa da ruwan tabarau na musamman. Kalmomin da suke jawo wannan tsari su ne waɗannan:

```
architectural photograph, three-quarter view from the left corner,
eye level, 28mm, two-point perspective, straight verticals,
clear sky in the upper third
```

Mataki na huɗu shi ne hasken kansa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Haske a umarni yana da sassa uku da ake faɗa ɗaya bayan ɗaya: daga ina yake zuwa, me yake yi wa bango, da kuma yadda inuwa take. Sashe na uku ne aka fi mantawa. Inuwar la'asar sakaliya ba baƙa ba ce, kuma ba ruwan goro ba ce. Shuɗi-shuɗi take yi, domin abin da yake haska ta shi ne shuɗin sama. Wannan saɓani tsakanin ɗumin inda rana ta taɓa da sanyin inda ba ta taɓa ba shi ne yake sa ido ya yarda da hoton. Idan aka bar manhaja da ra'ayinta, takan zuba ruwan lemo a kan komai, har fenti ruwan madara ya koma kalar manja, mai gini ya ce ba fentinsa ba ne.

```
late afternoon, low sun behind the camera on the left, warm raking light
across the facade, long shadows falling to the right, cool blue-grey shade,
soft warm lights on inside the shops
```

Yana da amfani mai aikin ya san tun da farko abin da zai gani idan hasken ya yi daidai, domin da shi zai auna sakamako. A ƙarshen Oktoba rana tana kusan daraja 14 kudu da yamma a wannan sa'a, wato tana shafar bangon kudu ne a kaikaice ƙwarai. Ginshiƙin da ya fito da santimita 40 zai jefa inuwa ta kusan mita ɗaya da rabi a kan ƙofar da ke damansa, rumfa kuma za ta sauke inuwarta kimanin mita ɗaya a saman bango, ta bar ƙasan ƙofofi cikin haske. Saboda haka kowane shago zai kasance da duhu ta hagu da ta sama, haske kuma ta dama da ta ƙasa, kuma wannan tsari zai maimaitu daga shago zuwa shago kamar saƙar tabarma. Fitilun cikin shago da aka nema suna da aiki a nan: gilashin da ke cikin inuwa yakan zama baƙin rami idan babu haske a bayansa, mai son buɗe kantin magani ko na atamfa kuwa yana so ya hango kanta da kaya.

Mataki na biyar shi ne mayar da hoton gida. Idan ba a faɗi inda ake ba, manhaja za ta dasa itatuwan ƙasashen sanyi, ta shimfiɗa ciyawa kore shar, ta kawo mutane sanye da kwat. Ambaton sunan gari kaɗai ba ya wadatarwa, kuma ambaton Afirka yakan jawo akasin abin da ake so, wato bukkoki da hanyar burji. Abin da yake aiki shi ne a ambaci abubuwan da ido yake gani a bakin titi ɗaya-ɗaya: dogon yaro, jar ƙasa a gefen kwalta, keke napep yana wucewa daga nesa, mutum ɗaya da kaftani da hula, mace ɗaya da hijabi. Mutum biyu ko uku sun isa, kuma a ajiye su can nesa ko suna ba da baya, domin fuska da yatsu su ne suke fara lalacewa idan aka faɗaɗa hoto.

```
northern Nigeria, neem trees, red laterite verge, a man in kaftan and cap,
a woman in hijab, distant motor tricycle
```

Ana haɗa sassan huɗu a umarni guda, tsarin kyamara a gaba, sai gini, sai haske, sai muhalli. A manhajar ƙirƙirar hoto ta Midjourney ana rufewa da ƙa'idojin da ke ƙasa. Na farko yana ba da siffar da ta yi kusa da takardar A4 a tsaye, na biyu yana rage wa manhajar son ƙawa daga 100 da take kai idan ba a taɓa ba, na uku kuma yana kore abubuwan da ba a so.

```
--ar 5:7 --stylize 50 --no sun, lens flare, text, skyscraper, wet road
```

Kwalta mai jiƙe tana cikin jerin ne saboda hotunan tallan gini da yawa ana jiƙa titi domin ya yi walƙiya, manhaja kuma ta koyi wannan ɗabi'a, ga shi kuma mun ce ruwa ya ɗauke.

A nan ne zan faɗi iyakar umarnin rubutu, da abin da ya faru da ni. Hoton farko da na kai wa mai shagunan ya yi kyau sosai, har na shiga ofishinsa ina jin na gama. Ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan takardar yana ƙirga ƙofofi a hankali, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, wannan na bakwai ɗin a filin wa ka gina mini shi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskuren na'ura ne." Ya ce, "To ita na'urar ce za ta yi wa wanda ya biya kuɗin shago na bakwai bayani?" Gaskiyarsa ce. Rubutu ba ya riƙe adadi ko awo da tabbaci. Ko an rubuta shida, manhaja tana iya kawo biyar ko bakwai, ta ƙara taga, ta canza tsawon rumfa. Saboda haka hoton da aka samu daga rubutu zalla ya dace ne da gwajin launi da yanayi, domin a daidaita da mai gini a kan irin hasken da yake so. Hoton da za a buga kuwa dole ne siffarsa ta fito daga zanen ginin.

Mataki na shida ke nan. Ana ɗaga ginin a SketchUp, manhajar zana siffar gini, ko a karɓi wanda mai zane ya riga ya ɗaga, a sa masa wurinsa na gaskiya da `Add Location`, a buɗe `Shadows` a zaɓi 25 ga Oktoba da ƙarfe 5:10 na yamma bisa agogon `UTC+01:00`, sannan a zaɓi `Two-Point Perspective` daga kusurwar da aka riga aka tsayar. Hoton da zai fito fari ne fat, babu armashi, amma ƙofofinsa shida ne kuma inuwarsa tana inda rana za ta ajiye ta. Shi ake shigarwa manhajar ƙirƙirar hoto ta Stable Diffusion ta `img2img`, wato yin sabon hoto daga wani hoto, a haɗa da ControlNet, abin da yake sa manhajar ta bi siffar hoton da aka ba ta, inda `depth` yake riƙe nisa da kusanci, `mlsd` kuma yake riƙe miƙaƙƙun layuka. Umarnin da aka rubuta ɗazu shi ne dai za a yi amfani da shi, sai dai a cire ƙa'idojin Midjourney, a mayar da abubuwan da ba a so cikin `Negative prompt`. Ma'aunin da ake wasa da shi shi ne `Denoising strength`, wato yawan canjin da manhaja za ta yi wa hoton. A aikina nakan fara daga 0.5: idan hoton ya ci gaba da kama da kwali, sai in ɗaga kaɗan, idan kuma inuwa ta fara barin wurinta ko firam ɗin ƙofa ya fara lanƙwasa, na san na wuce gona da iri, sai in sauko. Da zarar an samu wanda ya kusa, a riƙe lambar `seed` ɗinsa, wadda take sa a sake samun irin wannan hoton, a riƙa canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, domin wanda ya canza kalma biyar a lokaci guda ba zai san wadda ta gyara ko ta ɓata ba.

Mataki na bakwai shi ne tantancewa, kuma da inuwa ake farawa. A ɗauki abu uku a hoton, misali falwaya, mutum da ginshiƙi, a bi inuwar kowanne da ido. Dukkansu dole su nufi dama, kuma ta mutumin ta yi tsawo sosai. Gajeriyar inuwa a ƙarƙashin ƙafa alama ce ta hasken azahar da aka shafa wa jan launi. Idan ƙwallon rana ko jan gajimare mai ƙuna ya bayyana a bayan ginin alhali fuskarsa tana haske, hoton yana da rana biyu ke nan, kuma ko wanda bai san dalili ba zai ji wani abu bai zauna ba. Daga nan a ƙirga ƙofofi da ginshiƙai da matakala a gwada da zane, a duba abin da gilashi yake nunawa, domin sau da yawa yakan nuno benayen da babu su a tsallaken titi, a kuma tabbatar abin hawa yana bin hannun dama kamar yadda ake tuƙi a Nijeriya. Ƙananan kurakurai ba sa buƙatar sake hoton gaba ɗaya. Ana shafe wurin kawai a sake shi da `inpaint`.

Akwai kuma tantancewar da ba ta fasaha ba. Manhaja takan yi kyauta da abin da ba nata ba: fitilun sola a jere, furanni, faffaɗan filin mota da ya ci rabin titi. Duk abin da ba ya cikin abin da mai gini zai miƙa wa mai saye, a cire shi, ko a tambaye shi ko zai yi. A Tumfure na bar dogon yaro biyu saboda suna nan a filin, na cire fitilun saboda ba sa cikin kasafin. A ƙasan hoton kuma a rubuta da ƙananan haruffa cewa hoton hasashe ne na yadda ginin zai kasance.

Mataki na ƙarshe shi ne shirya hoton domin maɗaba'a. Takardar A4 milimita 210 ce da 297, kuma a ɗigo 300 cikin kowane inci tana buƙatar fiksel 2480 da 3508. Da yake ana barin rarar milimita uku a kowane gefe saboda yanka, abin da za a miƙa shi ne 2551 da 3579. Hoton da manhaja take fitarwa da farko bai kai haka ba, sai an faɗaɗa shi, kuma bayan faɗaɗawa a sake duba firam ɗin ƙofofi da layukan intalok, domin a nan ne ake ganin narkewa. Sai a ɗora sunan filaza a allunan, a ɗan rage haskensa a inda inuwar rumfa ta faɗa, don kada ya yi kamar an manna shi. Daga nan a mayar da launi daga `RGB` na allon kwamfuta zuwa `CMYK`, wanda shi ne tsarin tawada huɗu na injin bugu. Ruwan lemo mai ƙuna da shuɗi mai haske, wato launuka biyun da wannan hoto ya dogara a kansu, suna cikin waɗanda suka fi dushewa a wannan sauyi, inuwa kuma takan ƙara duhu a takarda fiye da yadda take a allon kwamfuta mai haske daga baya. Saboda haka nakan ɗan buɗe inuwar ƙarƙashin rumfa kafin in aika, in kuma nemi mai maɗaba'a ya buga kwafi ɗaya a kan irin takardar da za a yi aikin da ita. Wannan kwafi a fito da shi waje a duba shi a hasken rana tare da mai ginin, ya ga launin fentinsa da idonsa ya sa hannu a bayansa, sannan a ba da izinin buga sauran.